Amsoshin Tambayoyinku: Wasiƙar neman banki ya sassauta biyan rancen shago

Tambaya daga wani mai sauraro a Kano: "Ina da shagon atamfa da shadda a Kantin Kwari. Na karɓi rancen banki, saura naira miliyan 3 a kaina, da watanni 12, ruwa kashi 30 cikin ɗari a shekara. Duk wata ana cire mini kusan naira dubu 292, amma abin da ke rage mini yanzu bayan haya da yaran shago da cefane bai wuce dubu 230 ba. Ban taɓa fashin biya ba, sai dai watan gobe ban ga yadda zan yi ba. An ce in tura wa manaja imel. Me zan rubuta?"

Mai gabatarwa: To Hajiya, ke da kika yi shekaru a sashen ba da rance, ga Alhaji yana jira.

Baƙuwa: Alhaji, Allah ya buɗa kasuwa. Ka rubuta wasiƙar nan a makon nan, kada ka bari ranar cirewa ta zo asusun babu kuɗi. A ƙa'idar Babban Bankin Najeriya, rancen da ya yi kwana 90 ba a biya ba ya shiga sahun bashin da ya tsaya, kuma dole bankin ya ware wani kaso daga ribarsa ya ajiye saboda shi. Wannan ne ya sa banki ya fi son ya zauna da kai tun kana biya. Mutumin da bai taɓa fashi ba idan ya zo neman sauƙi, ana ganinsa ɗan kasuwa mai lissafi. Wanda ya kashe waya wata uku sannan ya bayyana, sau da yawa fayil ɗinsa ya riga ya bar teburin manaja ya koma wurin masu karɓo bashi, kuma su aikinsu daban ne.

Akwai abin da 'yan kasuwa da yawa ba su sani ba. Manajan reshe galibi ba shi ne mai yanke hukunci ba. Shi da jami'in da ke kula da asusunka za su rubuta takardar shawara su aika wa masu duba lamuni a sama, mutanen da ba su san fuskarka ba, ba su san shagonka ba. Saboda haka wasiƙar da ke cike da "a taimaka mini, a duba halin da ake ciki" ba ta ba manaja abin da zai tura. Ka rubuta masa abin da zai iya ɗauka yadda yake ya ɗora a kan takardarsa: nawa ne bashin, me ya faru, nawa za ka iya biya, zuwa yaushe.

Mai gabatarwa: To ai shi ma wannan "nawa za ka iya" ɗin ne bai sani ba.

Baƙuwa: Sai mu yi masa lissafin. Na ɗauka ana lissafa ruwan a kan abin da ya rage na uwar kuɗi, domin hakan ne ya dace da dubu 292 da ake cire masa. Idan aka shimfiɗa miliyan 3 ɗin nan a kan watanni 18 da ruwan da yake kai, biyan wata zai sauko kusan dubu 209. A takarda ya shiga cikin dubu 230, amma abin da zai rage masa dubu 21 ne kacal. Yaro ya yi zazzaɓi ko kasuwa ta yi sanyi mako biyu, shi ke nan an koma gidan jiya. Ni ba zan ba shi shawarar 18 ba. A kan watanni 24 kuwa, biyan wata zai zama kusan dubu 168, ya bar masa wajen dubu 62 na numfashi. Wannan ne adadin da zan saka a wasiƙa.

Amma Alhaji ka san kuɗin da sauƙin nan zai ci maka. Idan ka ƙarasa a watanni 12, ruwan da za ka biya gaba ɗaya kusan dubu 510 ne. A watanni 24 ya haura miliyan 1 kaɗan. Wato kana sayen lokaci ne da kusan rabin miliyan. Ga kuma kuɗin sake tsarin: jadawalin caje-caje na Babban Banki da ya fara aiki a Janairun 2020 ya ce kada bankin kasuwanci ya wuce rabin kashi ɗaya cikin ɗari na abin da ya rage, sau ɗaya tak, kuma ana iya ciniki a kai. A naka lissafin dubu 15 ke nan. Duk da haka ya fi fashi araha, domin tarar jinkiri tana iya kai kashi ɗaya cikin ɗari a kowane wata a kan abin da ba a biya ba, ban da ruwan da ke ci gaba da hawa, ban da sunanka da zai ɓaci a wurin kamfanonin da ke ajiye tarihin bashi irin su CRC da FirstCentral, inda kowane banki ke leƙawa kafin ya ba ka sisi.

Sana'arka ma tana da wata dama. Atamfa da shadda kasuwarsu ta lokaci ce, tana tashi gab da sallah ƙarama da babba da lokacin bukukuwan aure, ta kwanta a tsakani. Don haka ka roƙi a rubuta a yarjejeniya cewa kana iya zuba ƙari a kan uwar kuɗi duk lokacin da kasuwa ta buɗe, ba tare da an ci ka tarar biya da wuri ba. Da haka watanni 24 ɗin suna iya zama 19 ko 20, ruwan ya ragu.

Mai gabatarwa: Ko za ki karanta mana yadda wasiƙar za ta kasance?

Baƙuwa: Da Turanci aka saba aika wa banki, amma ga ta da Hausa, wanda zai rubuta maka ya bi ta daki-daki, kada ya ƙara mata ado. A layin take ka saka: neman sake tsarin biyan rance, sunan shago, da lambar rancen. Sai jikin wasiƙar:

"Ranka ya daɗe, ni ne mai shago kaza a Kantin Kwari, mai asusu a reshenku. Akwai ragowar naira 3,000,000 na rancen kasuwanci a kaina, saura watanni 12, ina biyan kusan naira 292,000 duk wata, kuma ban taɓa fashi ba.

"Cinikina ya ragu a watanni shida da suka wuce saboda tsadar sari da raguwar masu saye. Abin da ke rage mini bayan kuɗaɗen shago da na gida ya koma kusan naira 230,000 a wata, kamar yadda takardun da na haɗo suka nuna.

"Ina roƙon a tsawaita wa'adin zuwa watanni 24, biyan wata ya zama kusan naira 168,000, daga watan gobe, kuma a ba ni damar zuba ƙari a lokacin sallah ba tare da tara ba. Jinginar da na bayar tana nan yadda take. Na riga na rage sarin kayan da ba sa tafiya, na kuma fara karɓo basussukan da nake bin abokan ciniki.

"Ina neman a ba ni lokacin ganawa a cikin wannan makon, kafin ranar cirewa ta gaba. Na gode."

Iyakarta ke nan. Ka lura ba a ce ka haɗu da sharrin maƙiya ba, ba a zagi gwamnati ba, ba a yi rantsuwa ba. Dalilin da na saka misali ne, kai ka faɗi naka na gaskiya, haka ma matakan da ka ce ka ɗauka. Ka haɗa ta da bayanan asusu na wata shida zuwa shekara, har da na wasu bankuna da na na'urar POS idan ciniki na shiga ta can, da hoton littafin ciniki, da lissafin kayan da ke shago da kimarsu, da jerin mutanen da kake bi. Kada ka ɓoye wani asusu ko wani bashi. Lambar BVN ɗinka ɗaya ce, za su gani, kuma idan suka gano da kansu ba za su ƙara yarda da sauran alƙalumanka ba. Ka duba takardar rancen ma ko ka sa hannu a kan GSI, tsarin da aka fara a 2020, wanda ke ba banki damar kwasar kuɗi daga asusunka na wasu bankuna idan ka gaza biya.

Ka tura wa manaja, ka saka jami'in asusunka a kwafi, sannan ka buga ta a takarda ka kai da hannu a buga maka hatimin karɓa mai kwanan wata.

Mai gabatarwa: Da ya tura, sai ya fara biyan dubu 168 ɗin?

Baƙuwa: A'a, nan ne mutane ke faɗawa rami. Tura wasiƙa ba amincewa ba ce, haka ma "kada ka damu Alhaji, za mu duba" da manaja zai faɗa maka a baki. Har sai an ba ka sabuwar takardar tayi kun sa hannu, tsohon jadawali ne ke aiki, na'ura kuma za ta nemi dubu 292 ranar da ta saba. Idan amsa ba ta fito ba kafin ranar, ka yi bakin ƙoƙarinka ka cika wannan biyan ko da karyar da farashin wasu kaya ne. In bai cika ba, ka zuba abin da ya samu ka sanar da su a rubuce. Abin da ba zan so ka yi ba shi ne cin bashin manhajojin waya masu ruwan mako-mako don ka toshe na banki.

Idan takardar ta zo, ka zauna da ita kafin biro ya taɓa ta. Duba ko ruwan yana nan a 30 ko an ɗaga shi. Yawancin rancen kasuwanci ruwansu yana bin yanayin kasuwar kuɗi, kuma an ga yadda a 2024 Babban Banki ya ɗaga nasa ma'aunin ruwa daga kashi 18.75 zuwa 27.5, bankuna suka bi sahu. Duba ko an narka wasu caje-caje cikin uwar kuɗi, ko an nemi ƙarin jingina, ko sabon sa hannun mai tsaya maka. Idan akwai wanda ya tsaya maka tun farko, ka gaya masa da bakinka kafin banki ya kira shi.

Suna iya cewa 24 ta yi yawa, su ba ka 18. A nan za ka iya neman wata uku na farko ka biya ruwa kaɗai, wato dubu 75 a wata, ka yi amfani da rarar ka cika shago kafin sallah. Amma ka sani bayan hutun biyan wata zai fi dubu 209 idan wa'adin bai ƙaru ba, don haka ka sa su buga maka jadawalin ka gani da idonka.

Mai gabatarwa: Masu hulɗa da bankunan Musulunci fa, irin su Jaiz da TAJ da Lotus?

Baƙuwa: Wasiƙar ɗaya ce, lissafin ne ya bambanta. A cinikin murabaha bankin ya sayar maka da kaya a kan farashin da aka yanke tun farko, kuma a hukuncin fiƙihu ba a ƙara wa bashin kuɗi don an ƙara masa lokaci. Shi ya sa su ma sukan tsananta bincike kafin su tsawaita, domin jiran a kansu yake. Mai irin wannan sai ya rubuta ragowar farashin da adadin da zai iya biya duk wata, ya kuma tambaya a rubuce ko akwai kuɗin aikin takardu ko tarar jinkiri, da inda tarar take zuwa.

Mai gabatarwa: Alhaji ka ji amsarka. Bari mu ɗauko wasiƙa ta gaba.