Amsoshin Tambayoyinku: Haƙƙin Mallakar Littafi da Iyakar Tsakuro Rubutun Wani

"Na kammala littafina na farko amma ban yi masa rajista a ko'ina ba. Idan wani ya kwashe ya buga da sunansa, ina da bakin magana?"

Wannan ce wasiƙar farko da za mu buɗe shirin yau da ita, daga wata mai sauraronmu. Malama, kina da bakin magana ƙwarai. Haƙƙin mallaka yana hawa kan littafi ne tun daga lokacin da aka rubuta shi, a takarda ne ko a waya ko a kwamfuta, muddin aikin ƙwaƙwalwarki ne ba kwafowa kika yi ba. Tushen wannan ƙa'ida shi ne Yarjejeniyar Berne ta 1886, wadda ƙasashe sama da 180 suka shiga, kuma ta hana a gindaya wa marubucin wata ƙasa sharaɗin rajista kafin a kare aikinsa. Amfanin rajista shi ne hujja a gaban alƙali. A Amurka ma marubucin ƙasar ba zai shigar da ƙara ba sai ya yi ta. Don haka ki adana rubutunki na farko da gyare-gyarensa, da duk saƙon da kika tura wa mai dubawa ko kamfanin ɗab'i, tunda suna ɗauke da kwanan wata.

Sai dai ki san abin da aka kare miki: kalmominki, tsarin labarinki, da yadda kika gina taurarinsa. Jigo kansa na kowa ne. Idan labarinki a kan rikicin gado ne tsakanin 'yan'uwa, wani na iya rubuta nasa a kan rikicin gado gobe, ba ki da ikon hana shi. Haka abubuwan da suka faru a tarihi, haka kuma sunan littafi a mafi yawan ƙasashe.

Tambaya ta biyu daga wani malami ce: "Akwai wani tsohon littafi da marubucinsa ya rasu a 1960. Ina so in sake buga shi. Lokaci ya yi?"

Malam, amsar tana ga ƙasar da za ka buga ka sayar. Yarjejeniyar Berne ta ajiye mafi ƙarancin wa'adi, wato tsawon rayuwar marubuci da ƙarin shekara 50. Ƙasashe da dama sun ƙara: Tarayyar Turai da Birtaniya da Najeriya shekara 70 ne, Meziko kuwa 100. Ana fara lissafi daga 1 ga Janairun shekarar da ta biyo bayan rasuwar. To marubucinka, a ƙasar da ke kan 50, haƙƙinsa ya ƙare a ƙarshen 2010. A ƙasar da ke kan 70, sai ƙarshen 2030, kuma kafin nan sai da izinin magada ko wanda aka miƙa wa haƙƙin. Idan mutum biyu suka rubuta tare, da rasuwar na ƙarshe ake lissafi. Ka kuma lura da fassara, don nan mutane ke faɗawa rami: mai fassara yana da nasa haƙƙin daban, wanda ke bin tasa rayuwar. Asalin littafin na iya zama na kowa alhali fassararsa tana da mai ita.

Tambaya ta uku ita ce za mu daɗe a kanta: "Na ji an ce idan abin da ka tsakuro bai wuce kalma 300 ba, ko kashi 10 cikin ɗari, ba ka buƙatar izini. Gaskiya ne?"

Ba gaskiya ba ne, ɗan'uwa, kuma ina so kowane marubuci ya fitar da wannan magana daga ransa. Irin waɗannan lambobi ƙa'idojin cikin gida ne da wasu kamfanonin ɗab'i ke kafa wa kansu. Sashe na 10 na Yarjejeniyar Berne bai ambaci adadin kalmomi ba. Abin da ya ce shi ne ana iya tsakurowa daga aikin da aka riga aka fitar wa jama'a ta halaltacciyar hanya, a yi shi bisa adalci, kada ya wuce abin da manufar ke buƙata, sannan a ambaci inda aka ɗauko da sunan marubucin.

Ga shari'ar da ta nuna haka a fili. Tsohon shugaban Amurka Gerald Ford ya rubuta tarihin rayuwarsa, kamfanin Harper & Row ya shirya bugawa, mujallar Time kuma ta amince ta biya dala 25,000 don ta riga kowa fitar da wani yanki. Kafin ta fitar, sai mujallar The Nation ta samu rubutun ta ɓarauniyar hanya, ta buga labari a 1979 mai ɗauke da kimanin kalma 300 na Ford kai tsaye, daga littafin da ya kai kusan kalma 200,000. Time ta janye, ta ƙi biyan ragowar dala 12,500. A 1985 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa The Nation ta keta haƙƙi. Kalmomin ba su kai ko kashi ɗaya cikin ɗari ba, amma su ne zuciyar littafin, musamman inda Ford ke bayanin afuwar da ya yi wa Richard Nixon, shugaban da ya gada. Ga shi ba a buga littafin ba tukuna, ga asarar kuɗi a bayyane.

Daga wannan shari'a za ka iya auna naka rubutun. Fara da tambayar kanka me ya sa kake tsakurowa. Idan kana nazarin salon wani marubuci, ka kawo sakin layi ɗaya ka bi shi jimla bayan jimla kana bayani, kana kan turba mai ƙarfi, domin ba za a fahimci sharhinka ba sai da shi. Idan kuwa ka ɗora baitocin wani a farkon babi don ado kawai, ba ka ce komai a kansu ba, hujjarka ta yi rauni. Sannan ka duba girman abin da ka ɗauka a kan girman aikin: layi huɗu daga babban littafi kaɗan ne, layi huɗu daga waƙa mai layi takwas rabinta ne. Shi ya sa kamfanonin ɗab'i ke neman takardar izini ko da a kan gajeren baiti na waƙa. Ma'aunin da na fi ba wa muhimmanci shi ne na kasuwa: wanda ya karanta abin da ka kawo, zai ji ya ƙoshi har ba ya buƙatar sayen na asali? Idan eh, ka wuce gona da iri.

Akwai kuskure guda da ya zama ruwan dare, wato zaton ambaton sunan marubuci ya wadatar. Ambaton suna yana raba ka da laifin danganta wa kanka aikin wani, amma bai zama izini ba. Wanda ya kwafe babi sukutum ya rubuta sunan mai shi a ƙasa, ya keta haƙƙi duk da haka.

Idan abin da kake buƙata ya zarce ɗan tsakure na sharhi, rubuta wa kamfanin da ya buga littafin, domin galibi shi ke bayar da izini ko ya haɗa ka da mai bayarwa. Ka fayyace shafi da layukan da kake so, sunan littafinka, kwafi nawa za ka buga, a takarda ne ko har da intanet, da ƙasashen da za a sayar. Ka nemi amsar a rubuce, ka fara tun kafin littafin ya je maɗaba'a domin takan ɗauki makonni, kuma idan ba su amsa ba, shirun nasu ba amincewa ba ne. A irin wannan hali ka rage tsakuren zuwa abin da sharhinka ke buƙata, ko ka faɗi ma'anar da kalmominka ka ambaci mai ita.