"Za Ta Ci Gaba a Ɗakinta": Alkawarin Karatu Bayan Aure

Wannan lacca ce da wata malamar sakandare ta gabatar a taron iyaye da 'yan mata a Agege, Legas. An rubuto ta daga faifan murya, an rage gaishe-gaishe.

Assalamu alaikum. Iyayena mata, malamai, ƙannena da 'ya'yana, ina yi wa kowa barka da zuwa.

Akwai wata jimla da na ji a gidajen Hausawa daga nan Agege har Idi-Araba da Mile 12, sau nawa ban san iyaka ba. Idan an sa wa yarinya rana tana tsakiyar sakandare, aka tambayi makomar karatunta, sai a ce: "Ai ya yi alkawari, za ta ci gaba a ɗakinta." A kan wannan jimla zan tsaya yau, domin mafi yawan masu faɗar ta da gaske suke yi, amma ba su san abin da cika ta yake bukata ba.

Bari in ba ku labarin wata ɗalibata, ba zan kama suna ba. Tana aji biyar, wato SS2, ajin kimiyya, shekararta 16, burinta aikin jinya. Kullum a layin gaba take zama. Da aka yi hutun Babbar Sallah suka je gida Arewa, ta dawo ta koma can bayan aji. Na kira ta ofis na ce, "'Yata, lafiya?" Ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabinta, ta ce, "Malama, kowa na gaisa da shi sai ya ce yaushe za mu sha biki. Gwaggona ta ce wa Mama an bar ni a Ikko na riƙa, sa'o'ina duk da goyonsu." A wata guda ba wanda ya tambaye ta na nawa ta zo a aji.

Ku lura, a lokacin ba a ma kawo kuɗin gaisuwa ba, amma karatun ya riga ya fara mutuwa. Yarinyar da ake auna darajarta da manemi a kowace gaisuwa, a hankali ita ma da wannan mudun take auna kanta. Ta daina ɗaga hannu a aji. Ta daina tambaya. Ta ce mini, "Me zan yi da kemistiri tunda ba ƙarasawa zan yi ba?" Sai makinta ya faɗi, sai aka ce a gida, kun gani, dama ba ta da ƙoƙari, gara a aurar da ita. Wannan abu yana ƙona mini rai, wallahi, domin mu muka kashe ƙoƙarin, sannan muka kafa hujja da gawarsa.

Ba na zargin mahaifiyarta. Iyali bakwai a ɗaki da falo, gidan haya mai banɗaki ɗaya, yarinya tana fita da asuba ta hau danfo, uwa tana zaune da fargaba har ta dawo. Ga dangi suna buga waya suna cewa 'ya'yan Legas idonsu a buɗe yake. Tsoron abin kunya ne, kuma tsoro ne na gaske. Sai dai maganin da aka zaɓa yana da kuɗin da yarinyar ce kaɗai ke biya.

Ga yadda lissafin yake. An ɗaura mata aure a ƙarshen aji biyar, saura shekara guda ta zana WAEC. Jarrabawar da ɗaliban makaranta suke yi wajen Mayu da Yuni, makaranta ce take yi wa ɗalibi rajista yana aji shida, tare da makin gwaje-gwajensa na aji. Wadda ta bar makaranta ta fita daga wannan layi. Mijin yana can wajen Ojo, ba za ta iya ratso cunkoson Legas kullum zuwa Agege ba. Cikin wata uku laulayi ya zo. Daga nan goyon ciki, haihuwa, wankan jego na kwana arba'in, sai raino. Kafin ta ɗago, shekara biyu ta wuce.

Abin da ya rage mata shi ne jarrabawar masu zaman kansu, wadda muke kira GCE. Ƙofa ce mai kyau, amma ku san nauyinta. Aikin jinya yana bukatar kiredit biyar: Turanci, lissafi, fiziks, kemistiri da bayoloji. Ita ba ta taɓa zama aji shida ba, wato kashi ɗaya cikin uku na manhajar ba wanda ya koya mata. Babu ɗakin gwaji, babu malami sai an biya kuɗin lasin, kuma a hannun miji za a nemi kuɗin. Ta zana, ta ci uku, lissafi da kemistiri suka kayar da ita. A shekarar ta ci JAMB, amma sakamakon JAMB na shekara ɗaya ne, bai jira ta. Mijin bai hana ta ba, Allah ya sani. Sai dai duk sanda ta ɗauko littafi, uwar mijinta takan ce, "Matar aure da boko, wa zai riƙe miki yaron?"

Da an ɗaga bikin wata goma kacal, da ta shiga ɗakinta da takardarta a cikin akwati. Takardar WAEC ba ta ruɓewa. Mai ita ko bayan shekara goma tana iya neman LASU, ko Yabatech, ko Buɗaɗɗiyar Jami'a ta NOUN da ake karatu daga gida. Wata goma, jama'a. Lefe kaɗai wani lokaci yakan ci fiye da haka kafin a haɗa shi.

Wani zai ce, Malama, addini fa? To, mu je can. Hadisi ya tabbata cewa ba a aurar da budurwa sai an nemi izininta, kuma shirunta izini ne. Shirun kunya ake nufi. Yarinyar da aka yi shekara ana ce mata ta kusa yin kwantai, ta yi shiru don kada a ce ta fi ƙarfin iyayenta, ku tambayi malamanmu ga su nan, wane irin shiru ne wannan? Khansa'u bint Khizam ta kai ƙara gun Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa mahaifinta ya aurar da ita ba ta so, ya warware auren. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu matar aure ce, matar Waziri Giɗaɗo, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa 'Yan Taru, ƙungiyar ilimantar da mata. Amma gidan da ta fito da gidan da ta shiga duk gidajen karatu ne. Sannan mu da muke zaune a nan mu sani, dokar kare haƙƙin yara ta tarayya ta 2003, da ta Jihar Legas ta 2007, shekara 18 suka sa a matsayin mafi ƙarancin shekarun aure.

Saboda haka idan manemi ya ce za ta ci gaba, iyaye maza, ku zaunar da shi gaban waliyyansa ku tambaya. Wace makaranta, a wace unguwa? Wa zai biya rajista da lasin da kuɗin mota? In ciki ya zo, wa zai riƙe jariri ranar jarrabawa? Mahaifiyarsa ta san da maganar, ta yarda? Wanda ya ce "Allah zai kawo yadda za a yi" bai shirya ba tukuna. Wanda ya ce zai jira ta ajiye alƙalamin takarda ta ƙarshe, ya ba ku amsa.

Ɗalibar tawa tana da yara biyu yanzu. Watan jiya ta zo gidana da ƙaramin a bayanta, ta karɓi tsofaffin takardun tambayoyin lissafi, za ta sake zama a ƙarshen shekara. Ƙanwarta tana ajina, aji huɗu, kuma ta gaya mini an fara yi mata irin waccan gaisuwa.

Na ga hannun Hajiya a can baya. A miƙa mata makirufo.