Yadda Ake Rubuta Sanarwar Ladabtar da Ɗan Jama'a Ba Tare da an Tozarta Shi Ba

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wannan bidiyo na sakatarorin masallatai ne da limamai da duk wanda alƙalamin kwamiti yake hannunsa a nan Legas. Kwamiti ya zauna, ya yanke wa wani hukunci, an ce kai ne za ka rubuta abin da za a karanta wa jama'a. Me za ka rubuta?

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. A ce wani masallacin unguwa ne a Agege. An tara naira dubu ɗari huɗu don gyaran rufi kafin damina, kuɗin na hannun ma'aji. Aiki ya tsaya, aka nemi lissafi, ya kawo rasit na wani kaso, sauran ya ce a ba shi lokaci. Kwamiti ya saurare shi, sannan ya dakatar da shi wata uku, a duba littafin kuɗi.

Ga abin da yawanci ake rubutawa cikin ɓacin rai: "Ana sanar da jama'a cewa an kori Malam Wane, mai shago a layi kaza, saboda ya ci amanar kuɗin masallaci naira dubu ɗari huɗu. Kowa ya yi hattara da shi."

Ku saurari kalmomin nan da kyau. An ce "an kori", alhali dakatarwa aka yi. An ce "ya ci amana", alhali abin da kwamiti ya tabbatar shi ne lissafi bai cika ba, kuma binciken ma ba a fara shi ba. An ambaci dubu ɗari huɗu, alhali akwai rasit na wani kaso. Shagonsa kuwa me ya kawo shi cikin zancen? Mu nan yawancinmu kasuwanci ya kawo mu, kuma kasuwanci a Mile 12 bisa yarda yake tafiya: a ba ka kaya, ka sayar, ka biya. Ranar da aka ce wane ya ci kuɗin masallaci, ranar aka daina ba shi kaya bashi. Hukuncin wata uku ya zama karyewar jari, kuma ba kwamiti ne ya yanke wannan ba.

To ga yadda ya kamata ta kasance: "Kwamitin masallaci, a zamansa na ranar kaza, bayan ya saurari ma'aji, ya dakatar da shi daga aikin ma'aji na tsawon wata uku, domin a duba lissafi. Daga yau a riƙa miƙa gudummawa ga mataimakinsa, kuma a karɓi rasit. Wannan mataki ya shafi muƙami ne kawai. Shi ɗan'uwanmu ne, yana nan cikin sahu tare da mu. Mai tambaya ya samu shugaban kwamiti. Muna roƙon kada a yaɗa wannan magana a waje."

Kun ga ba a ɓoye wa jama'a komai da suke buƙata ba. Sun san wa ya yanke hukunci, sun san mene ne hukuncin da ranar ƙarewarsa, sun san inda za su kai kuɗinsu. Ni a ganina wannan ne ma'aunin kowace jimla: shin jama'a na buƙatarta domin su san abin da za su yi gobe? In ba sa buƙata, a bar ta cikin littafin taron kwamiti, a kulle.

Ku lura da "bayan ya saurari ma'aji". Kada ka rubuta wannan sai in da gaske an saurare shi. In ba a yi ba, ajiye alƙalami, lokacin sanarwa bai yi ba. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta umarce mu da tabbatar da labari kafin mu cutar da mutane bisa rashin sani, aya ta 12 kuma ta hana zato da bin diddigi da giba. Kuma sanannen abu ne cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kan hau mimbari ya gyara kuskure da cewa me ya sami wasu mutane suke yin kaza, ba tare da ya kama suna ba.

Shi ya sa batun suna yake buƙatar tunani. A misalinmu an ce "ma'aji", kuma ya wadatar, don duk mai sallah a wurin ya san shi. Wanda takardar ta faɗa hannunsa a Kano ko Sakkwato kuwa bai san kowa ba, kuma haka ake so. Amma in mutum yana yawo shago-shago yana karɓar kuɗi da sunan masallaci, to dole a faɗi sunansa a ce ba shi da izinin karɓa. Ko a nan ma, "ba shi da izini" za ka rubuta, ba "ɗan damfara" ba.

Wasu abubuwa kuwa ba sa shiga ko kaɗan: hotonsa, lambar wayarsa, gidansa, garinsu, ƙabilarsa, sunan matarsa da 'ya'yansa, rashin lafiyarsa, bashin da ake bin sa. Haka sunan wanda ya kawo ƙara da na shaidu, don in ka fallasa su yau, gobe ba mai sake kawo magana. Doka ma tana nan. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin 'yan ƙasa, dokar kare bayanan mutane ta 2023 ta sa bayanan addini da na lafiya cikin waɗanda ake tsananta kiyayewa, kuma wanda aka kira ɓarawo a rubuce ba hujja yana iya kai ƙarar ɓata suna kotu. Mai sa hannu a takardar yana cikin waɗanda za su amsa.

Idan maganar ta shafi zargin alfasha, sai a ƙara taka-tsantsan. Aya ta 4 a Suratun Nur ta sa bulala 80 ga wanda ya yi ƙazafi bai kawo shaidu huɗu ba. Kalma irin "an kama su" ko "abin kunya" ba ta da wuri a sanarwa.

Sai dai rufin asiri yana da iyaka, kuma ina so a ji ni sosai a nan. In an cutar da yaro a Islamiyya, wannan ya wuce kwamiti. A kai wa hukuma, a raba wanda ake zargi da yara nan take, a shaida wa iyaye cewa ba ya koyarwa kuma. Wanda za a rufa wa asiri shi ne yaron: ba sunansa, ba ajinsu, ba sunan mahaifinsa.

Yanzu ina za a faɗa? Sanarwa ta tsaya iya waɗanda abin ya shafa. A karanta bayan sallar isha, a kashe lasifikar waje, don a Agege bangon masallaci na jingine da gidajen mutanen da ba ruwansu. Kada a manna a ƙofa, kada a tura zauren WhatsApp, inda mutum ɗaya zai ɗauki hotonta ya tura gida kafin asuba. Kafin a karanta, mutum biyu daga kwamiti su je su nuna wa wanda aka yanke wa hukuncin, ya ji daga bakinsu, ya gyara in akwai kuskure a rana ko muƙami. Liman ko shugaba ya karanta yadda take, ba ƙari, ba wa'azin amana a bayanta, don kowa zai gane da wa ake.

Bayan wata uku, a dawo wuri guda, lokaci guda, a faɗi sakamako. In lissafi ya fita, a ce: "An kammala bincike, ba a same shi da laifi ba, ya koma aikinsa." In akwai gibi ya biya, a ce: "An daidaita lissafi, an rufe maganar." Tun ranar da ka rubuta sanarwar farko, sa ranar ta biyun a littafinka, ka kuma tuna wa shugaba in saura mako guda.