Yadda Ake Yi wa Wayar Hannu Kuɗi Daga Hoto: Misali da iPhone 11

Assalamu alaikum, masu kallo. Ga hoton waya an turo ta WhatsApp, a ƙasa an rubuta: "Nawa za ta yi?" Hoto ɗaya ne, an ɗauki bayanta a kan tebur, gilashin ya tsage daga kusurwar ƙasa. Da wannan hoton za mu yi aiki har mu kai ga farashin da mai sayarwa ba zai ce an cuce shi ba, mai saye kuma ba zai yi da-na-sani ba.

Aikin farko shi ne sanin wace waya ce. Ku dubi kyamarorin: guda biyu ne, ɗaya a saman ɗaya, cikin ɗan gida mai kusurwa huɗu. Wannan siffa ta iPhone 11 ce da ta fito a 2019, kuma ta iPhone 12 ce da ta fito a 2020. Gefen wayar ne ke raba gardama. Na 11 a lanƙwashe yake, na 12 kuwa a miƙe yake kamar an yanka da wuƙa. Da a ce kyamarorin a karkace suke, ɗaya ta hagu sama ɗaya ta dama ƙasa, to mun shiga gidan 13. Tamu gefenta a lanƙwashe yake, tambarin tuffa yana daidai tsakiya, babu rubutun suna a ƙasa. Ke nan 11 ce.

Sai dai jiki ba ya isa shaida. A kasuwannin waya, daga Farm Centre a Kano har Computer Village a Legas, an saba ganin iPhone XR ta 2018 an cire mata jiki an sa mata na sabuwar waya mai idon kyamara uku, alhali ido ɗaya ne kawai ke gani, sauran ado ne. Saboda haka kada ku yanke kuɗi sai an turo hoto na biyu, wanda aka ɗauka da wata wayar daban, ana nuna wannan a kunne a shafin Settings > General > About. A ɗauka da wata waya, domin hoton da aka ɗauko daga cikin sikirin ana iya turo na kowace waya. A shafin za ku ga Model Name, wato ainihin sunanta, da Capacity, wato girman ma'ajiyarta. iPhone 11 tana zuwa da 64GB, 128GB ko 256GB, kuma babu yadda za a gane wannan daga baya, ga shi yana motsa farashi sosai. Tamu ta nuna 128GB. Ƙasa kaɗan akwai Carrier Lock. In an rubuta No SIM restrictions, kowane layi zai hau. In ba haka aka rubuta ba, an ɗaure ta da kamfanin layi na wata ƙasa, kuma kuɗinta daban ne, ba a haɗa ta da buɗaɗɗiya a lissafi ɗaya.

Yanzu sai neman kuɗin tushe, wato nawa irinta mai lafiya take tashi yau. Nan ne yawancin mutane ke yin kuskure, domin suna tambayar nawa aka saye ta, ko nawa sabuwa take. Kuɗin da mai ita ya biya shekara biyu da suka wuce bai dami kasuwa ba. Abin nema shi ne nawa ake sallamar irinta ta hannu, mai 128GB, buɗaɗɗiya, wadda ba a taɓa kwance ta ba.

Alƙaluman da za mu kawo na misali ne, tunda farashin waya yana bin dala, na wannan watan ba lallai ya kai wata mai zuwa ba. A ce mun duba Jiji da Facebook Marketplace mun sami talla biyar: naira 250,000, da 260,000, da 270,000, da 280,000, da wata 340,000. Wannan ta ƙarshen a ajiye ta gefe, mai ita ko dai bai matsu ba ko bai san kasuwa ba. Sauran huɗun tsakiyarsu 265,000. Amma wannan kuɗin baki ne, wanda aka sa don a bar wurin ciniki. Kuɗin da ke canza hannu yana ƙasa da shi. Hanyar gano shi ita ce a kira masu shago biyu ko uku a matsayin mai saye, a yi tayi, a ji inda "albarka" take ƙarewa a fara "kawo kuɗi". A ce sun tsaya a 250,000. Wannan ne tushenmu. Ku kuma lura kada ku haɗa wadda ake ce wa Landan-yus da wadda aka yi amfani da ita a gida. Ko da lafiyarsu ɗaya, kasuwa takan fifita ta farkon.

Daga tushe sai ragi, kuma ragin iri biyu ne. Akwai aibin da ake gyarawa ya wuce, shi kuɗin gyaransa ake cirewa. Akwai kuma aibin da ko an gyara yana bin wayar, shi kuma sai an cire abin da mai saye na gaba zai rage saboda shi.

Mu fara da abin da ido ya gani, tsagewar baya. Gilashin bayan 11 a manne yake da gam mai ƙarfi, ba ya ɓallewa da sauƙi. Mai gyara ko ya ƙone gam ɗin da injin leza ya kankare gilashin, ko ya canza jikin gaba ɗaya. A ce an ce mana 15,000. Amma ku ƙara kallon hoton. Inda tsagewar ta faro ya fi tsawonta muhimmanci. Idan ta faro daga kusurwa kuma ƙarfen wurin ya lotsa, wayar ta sha ƙasa da ƙarfi, kuma bugun yana iya kaiwa ciki. Idan ta ratsa gilashin kyamara, ƙura za ta shiga, hotuna su riƙa fitowa da ɗigo ko hazo. A tamu ƙarfen bai lotsa ba, kyamara ma ta tsira, don haka 15,000 ɗin kawai muka cire. Saura 235,000.

Sai batir. A nemi hoton Settings > Battery > Battery Health. Tamu ta nuna Maximum Capacity 78%. Kamfanin Apple yana ɗaukar batirin da ya sauka ƙasa da 80% a matsayin wanda ya isa canji, masu saye ma a nan suke ja layi. Tsakanin 88 da 85 babu wani dogon ciniki, amma tsakanin 81 da 78 akwai kuɗin sabon batir. A ce 25,000 har da kuɗin aiki. Saura 210,000. In kuwa kuka ga wayar 2019 tana nuna 100%, to an canza batirin ne, ko an yi wa lambar dabara, sai a tambaya wanne ne. A kuma nemi hoton gefe. Idan sikirin ya ɗan ɗago daga jiki, batir ne ya kumbura yake tura shi, wannan ko caji kada a sa mata kafin a canza.

Na uku shi ne wanda hoton farko ya ɓoye. A wancan shafin na About, tun daga iOS 15.2, akwai sashen Parts and Service History da ke bayyana idan an taɓa canza wani abu. A iPhone 11 yana ba da labarin batir da sikirin. Tamu a gaban Display an rubuta Unknown Part. Ma'ana an canza sikirin, kuma wayar ba ta iya tabbatar da cewa na asali ne ba. Yana iya zama na asali da aka ciro daga wata wayar, yana iya zama mai araha. Don a rarrabe, a sa mai ita ya buɗe farin shafi, ya ƙure haske, ya ɗauka a cikin inuwa. Sikirin mai araha yakan yi shuɗi-shuɗi ko dishi-dishi, wani lokaci haske na tsiyaya ta gefe. A kuma duba ko True Tone, mai daidaita kalar sikirin da hasken wuri, yana nan a Settings > Display & Brightness, domin yakan ɓace bayan irin wannan canjin. Wannan aibi ne na iri na biyu. Sikirin yana aiki, babu abin gyarawa, amma sunan wayar ya koma "an taɓa buɗe ta", kariyar ruwanta ma ba abin dogaro ba ce kuma. A ce kasuwa na rage 30,000 a kan haka. Saura 180,000.

A nan a yi hattara da cire abu ɗaya sau biyu. Tunda mun riga mun cire kuɗin buɗewa a kan sikirin, ba za mu sake cire shi ba don za a buɗe a sa batir. Waya sau ɗaya take rasa wannan daraja. Babu kwali, babu rasit, a ce mun cire 10,000, ba don kwalin yana da amfani ba, sai don shi ne shaidar mallaka idan wata rana magana ta taso. Mun tsaya a 170,000.

Har yanzu wannan kuɗin na da sharaɗi, saboda akwai abubuwan da hoto ba ya faɗa. Babba a ciki shi ne Face ID, wato buɗe waya da fuska. Na'urarsa a haɗe take da fanel ɗin wayar, wato babban allon injinta na ciki, ba a ciro ta wata a dasa haka kawai, kuma yawanci wajen canjin sikirin ake lalata ta. Tunda tamu an canza mata sikirin, zargin ya ƙaru. A nemi ɗan bidiyo ana buɗe ta da fuska. In ba ya yi, a misalinmu a ƙara cire 40,000. Shi ya sa amsar da ta dace ga mai hoto ba lamba ɗaya ba ce. Ce masa za a yi: "Alhaji, in Face ID yana yi, 170,000. In ba ya yi, 130,000. Sai na riƙe ta a hannu zan tsayar."

Ranar da aka riƙe ta, a zare tiren layi a haska cikin ramin. Akwai ɗan tabo fari da ke komawa ja idan ta sha ruwa. A danna *#06# a kwatanta lambar IMEI da ta fito, wato lambar shaidar wayar, da wadda ke rubuce a jikin tiren. In sun saɓa, an canza tire ko jiki, sai a ji dalili. Sannan mai ita ya fita daga iCloud ɗinsa a gabanku, a goge wayar, ta tashi ba ta nemi kalmar sirrin kowa ba. Wadda ta tsaya a Activation Lock duk lissafin nan bai shafe ta ba. Kuɗin kayan gyara kawai take da shi, kuma in mai ita ya kasa buɗewa, zai fi kyau a bar cinikin, don ana iya sayen rigima da 'yan sanda.

Saura tambayar wa za a sayar wa. 170,000 ɗin nan kuɗin hannu da hannu ne, daga mai ita zuwa wanda zai yi amfani da ita. Mai shago ba zai biya haka ba, domin zai kashe kuɗin gyara, ya ajiye ta a gilas ƙila mako biyu ko uku, dala tana iya sauka a tsakani, sannan ya nemi riba. In ya taya 145,000 ko 150,000, bai yi zalunci ba. In dillali ne ya haɗa cinikin, a ware la'adarsa tun farko, a san aljihun wa za ta fito. Mai buƙatar kuɗi yau ya nufi shago ya karɓi 150,000, wanda zai iya haƙurin mako guda ya sa talla a 185,000, ya rubuta 78% da Unknown Part a fili tare da hotunansu, ya sallama a 170,000.