Rasit ɗin haya da littafin cefane

Assalamu alaikum warahmatullah. Shugaba, malamanmu, iyayenmu mata da ke zaune a gaba, ƙannena da 'ya'yana, ina yi muku barka da yamma. Na zo Manchesta ne ganin jika, sai Shugaba ya ji labarin na yi shekaru ina aikin akanta a Zariya, ya ce ba zan koma Tudun Wada ba sai na biya kuɗin shayin da na sha. To ga shi zan biya.

Maganar da aka ba ni ita ce yadda miji da mata masu albashi daban za su raba hidimar gida. Kafin malamai su ɗaga hannu, bari in riga su. Ci da sha da sutura da muhalli a wuyan miji suke, kuma Suratuɗ Ɗalaƙ ta ce mai yalwa ya ciyar daga yalwarsa. Dukiyar mace tata ce. Abin da ta sa a gida alheri ne, kamar yadda aka faɗa wa Zainab matar Ibn Mas'ud cewa tana da lada biyu, na zumunci da na sadaka. Ban zo taɓa wannan ba. Amma ni da ku mun san gidaje nawa ne yau, a nan da can gida, albashi ɗaya ba ya kai su ƙarshen wata. Matar tana sa hannu. Tambayata ita ce nawa take sawa, kuma shi maigidan ya san adadin?

Zan ba ku labarin ƙanwata da mijinta a Samaru, da izininsu, ba tare da suna ba. Shi abin da ke shiga hannunsa bayan an cire haraji da fansho naira 360,000 ne a wata. Ita malamar makaranta ce, nata 140,000. Tun farkon aure suka yi rabon da yawancinmu ke yi, wato rabon kaya: shi haya, kuɗin makaranta, wutar Nefa, man janareta da kayan buhu, ita cefanen yau da gobe, gas, ruwa da ɗan magani. Kowa ya ji wannan zai ce mijin ya ɗauki dutse, matar ta ɗauki tsakuwa.

Bayan cire tallafin mai a Mayun 2023, kaya suka tashi, gidan ya fara hayaƙi. Shi yana cewa komai shi ke yi, ina take kai albashinta? Ita tana cewa ba ta kai ranar 20 ga wata da ko sisi. Kuma babu maƙaryaci a cikinsu. Ranar da na je sulhu, ya shiga ɗaki ya fito da wata jakar leda, ya zazzage a kan tabarma: rasit ɗin haya, rasit ɗin makaranta na zango uku, har da saƙonnin katin mita a waya. Ita kuwa ta buɗe tafin hannunta, babu komai. Mai tumatir a kasuwar Samaru ba ya ba da rasit, ɗan garuwa ma haka. Kuɗinsa na fita da shaida, nata na fita kamar ruwa a kwando.

Na ce kada kowa ya ƙara magana sai bayan wata uku. Na sayo mata littafin rubutu irin na 'yan firamare, na ce duk abin da ya fita a rubuta a daren, ko na magi ne. Wanda aka biya ta waya, alat ɗin banki ya isa shaida. Dalilin wata uku shi ne wata ɗaya yana ruɗi: ko a yi baƙi, ko yaro ya kwanta. Shi kuma na ce ya tattaro takardun wata goma sha biyu cif, don haya sau ɗaya ake biya a shekara, makaranta sau uku, wuta da man janareta kuma na watan Maris da Afrilu, lokacin da fanka ba ta hutawa, ba ɗaya suke da na lokacin hunturu ba. Duk abin da ake biya a dunƙule, a haɗa na shekara a raba goma sha biyu.

Ga abin da ya fito. Haya 600,000 a shekara, wato 50,000 a wata. Makaranta 120,000 kowane zango, 360,000 ke nan a shekara, 30,000 a wata. Wuta ta tsaya a 18,000, man janareta 20,000, shinkafa da masara da man girki da sauran kayan buhu 85,000. Nasa ya tashi 203,000. Da muka buɗe littafinta, cefane kaɗai 65,000 ne, gas 14,000, ruwa 8,000, magani 10,000. Nata 97,000. Gidan gaba ɗaya yana cin 300,000 a wata.

Da ya ga 203 gefen 97 sai ya gyara zama, ya ce, “Yaya, kin gani ko? Ninki biyu har da ɗori.” Na ce na gani, amma ba a nan ake duba ba. A duba abin da ya rage a hannun kowa. Shi ya rage da 157,000, ita 43,000. A kowace naira ɗari da ya samu, kusan 56 ke shiga gida. Ita a kowace ɗari, 69 ke shiga. Wadda ba wajibinta ba ne ita ce ke ba da kaso mafi girma na abin hannunta. Ya daɗe bai ce komai ba, ya karɓi littafin yana juya shafi, yana karanta attarugu 500, albasa 700, nika 300.

Rabon kaya yana da wani aibi da mutane ba sa lura da shi. Haya ana tsayar da ita ta shekara, makaranta ta zango, amma cefane kullum yake motsi. Duk wanda ya riƙe ɓangaren kasuwa, shi hauhawar farashi ke fara duka, a hankali, ba ranar da zai nuna ya ce yau ne aka ƙara. Rabon da ya yi daidai ranar da aka yi shi, bayan shekara biyu ya karkace ba wanda ya taɓa shi.

Rabin-da-rabi kuwa, wanda na ji wasu yaranmu a nan suna ɗauka wayewa ce, ku gwada shi a wannan gida. Kowa 150,000. Albashinta duka 140,000 ne. Ta ba da komai, ana bin ta 10,000, shi yana da 210,000 a aljihu. Ba sai na ƙara bayani ba.

Abin da na nuna musu shi ne rabo gwargwadon samu. A haɗa abin da ke shiga hannun su biyun, 500,000. Gida na cin 300,000, wato naira 60 cikin kowace ɗari. To kowa ya ba da 60 cikin ɗarin nasa. Shi 216,000, ita 84,000. Ya rage da 144,000, ta rage da 56,000. Bambancin da tsohon tsari 13,000 ne kacal a wata, har shi ya yi dariya ya ce a kan wannan ake ta rigima? Na ce ka ninka sau goma sha biyu, 156,000 ne, ya fi albashinta na wata guda. A shekara tana yi maka aikin wata ɗaya kyauta ba ka sani ba, ballantana ka ce an gode.

Sai dai lissafin ba ya tafiya sai an yarda da abin da ake kira na gida. Nan ne aka fi jan magana. Ankon biki nata ne, kallon ƙwallo nasa ne, wannan ba gardama. Kuɗin da kowa ke aika wa iyayensa fa? Shi yana ba Hajiyarsa 40,000, ita tana ba tata 20,000. Muka cire wa kowa nasa daga albashi tun kafin rabo, tunda ba kuɗin da zai iya taɓawa ba ne. Da muka sake bugawa, kason ya motsa da kusan 2,000 kawai, amma hankalin kowa ya kwanta. Abin da na ƙi yarda a sa a hidimar gida shi ne fulotin da yake biya a hankali. Fili dukiya ce, ba ci ba ne. Idan kuɗinta zai shiga, sunanta ya shiga takarda, ko a rubuta bashi ne da shaidu. Ku da ke aika fam ana yi muku gini a Zariya, wannan maganar taku ce. Matar da ta riƙe haya da abinci a nan don albashin miji ya tafi bulo da siminti, ta sa kuɗi a ginin nan ko an faɗa ko ba a faɗa ba.

A nan ƙasar ma aikin ya fi muku sauƙi, don kusan komai ta banki yake fita. Ku buga bayanin asusu na wata goma sha biyu, ku zauna da biro. Ku kula da abu biyu. Kuɗin ɗumama gida na Janairu ba ya kama da na Yuli, harajin gida na kansul kuma yawanci kashi goma ake biyansa, daga Afrilu zuwa Janairu, don haka wanda ya yi lissafi da watan Fabrairu ya yaudari kansa. Na biyu, masu aikin awa, albashinku yana hawa yana sauka. Ku ɗauki matsakaicin wata shida, kada ku ɗauki watan da aka yi ƙarin aiki.

Akwai abin da rasit ba ya nunawa, kuma ni ba ni da ma'auninsa. Matar da ta rage awannin aikinta don kai yara makaranta da ɗauko su, albashinta ya ragu ne saboda gidan. Rabo gwargwadon samu yana rage mata kaso kai tsaye, amma bai biya ta abin da ta rasa ba. Ku tambayi kuɗin gidan raino a unguwarku, ku rubuta shi a gefen takardar ko da ba za a biya ba, don a gan shi da ido.

Yadda za ku gane tsarin ya karkace ba wuya. In ɗaya yana tara kuɗi, ɗayan yana cin bashi kafin wata ya mutu, a sake zama. In kwasar adashin mace ta ƙare a tukunya, ko ɗan kunnen gwal ya bar akwati ba a yi biki ba, a sake zama. Haka in albashin wani ya canza, ko an ƙara haya.

Su ƙanwata, a ƙarshe mijin bai ma tsaya a lissafina ba. Ya ce tunda ciyarwa tasa ce, ya karɓi cefane gaba ɗaya, ita ta riƙe gas da ruwa da magani, ta ƙara da kuɗin makaranta don ita ta ce tana so. Nata ya koma 62,000, nasa 238,000. Suka buɗe asusu guda na haya da makaranta, yana zuba 50,000 tana zuba 30,000 ranar da albashi ya shigo, don kada zango ya zo a shiga neman rance. Littafin kuwa yanzu a hannunsa yake, kuma an ce mai tumatir ya fara kuka da shi wajen ciniki.

Shugaba, na ga an fara shigo da abinci. Mai tambaya ya same ni a teburin can na kusa da ƙofa, na zo da biro da takarda. Wassalamu alaikum.