Miliyan 33 ɗaya, hanyoyi uku: laccar haraji ga ɗalibai a Garwa

Assalamu alaikum. Ɗalibai, ku riƙe lamba ɗaya a ka. A Kamaru babban kamfani yana biyan kashi 30 cikin ɗari na ribarsa, a ɗora kashi 10 cikin ɗari na wannan harajin domin ƙananan hukumomi, jimla kashi 33. Ke nan duk sefa miliyan 100 da aka rage daga ribar da ke takarda, lampo ya ragu da miliyan 33.

Ga kamfanoni uku da suka rage wannan miliyan 100 ta hanyoyi daban-daban. Na farko, a ce kamfanin jigila ne a nan Garwa. Ya sayi manyan motoci na miliyan 400, ya raba kuɗin a kan shekara 4, yana cire miliyan 100 kowace shekara a matsayin tsufan kaya. Motocin suna nan, suna ɗauko kaya daga Ngaundere. Wannan kauce wa haraji ne ta ƙofar da doka ta buɗe, ba laifi.

Na biyu kuwa bai sayi komai ba. Rasit na gyaran mota ya ƙirƙira har na miliyan 100. Wannan zamba ce. Mai bincike zai nemi takardun garejin da aka ambata, ya duba ko kuɗin sun fita ta banki, ko mai garejin ya rubuta su a nasa cinikin. In asiri ya tonu, tarar zamba takan kai kashi 150 cikin ɗari: miliyan 33 da aka ɓoye, da miliyan 49.5 a kai, ban da kuɗin jinkiri, kuma ana iya zuwa kotu.

Na ukun ne ya fi ba masu bincike ciwon kai. Mai kamfanin ya buɗe wani kamfani a ƙasar da harajinta ba shi da yawa. Kamfanin can ya aiko da takardar neman miliyan 100, wai ladan shawara. Akwai yarjejeniya, akwai sa hannu, kuɗi sun bi ta banki. Ba ƙarya ko ɗaya a takarda. Amma je ka can: ba ma'aikaci, ba ofis sai akwatin gidan waya. Daga aljihun dama aka mayar zuwa na hagu.

Wata ɗaliba ta ɗaga hannu: "Malam, in takardu sun cika, ina laifin?"

Madalla da tambaya. Hukumar haraji ba ta tsayawa ga takarda. Tana tambaya, an yi aikin kuwa? Kawo rahoton shawarar mu gani. Sannan, da baƙo ne ya yi maka aikin, za ka biya shi wannan farashin? In aikin bai wuce na miliyan 10 ba a kasuwa, sai ta mayar da miliyan 90 cikin riba, ta karɓi harajinsu, wato miliyan 29.7, da tara gwargwadon yadda ta ga niyyarka.