Amsoshin Tambayoyinku: Alhaji ya ce "sai na yi shawara"

"Ina sayar da famfon ban ruwa mai aiki da hasken rana a nan Tawa. Sau biyu ina zuwa wurin wani Alhaji mai garkar albasa wajen Galmi. Da na fara bayani sai ya tare ni da tambayar kuɗi, da na faɗa sai ya ce sai ya yi shawara. Yaya zan tsara maganata?"

To malam, mun gode da wannan wasiƙa. A ganina bakin Alhaji ne ya tambayi kuɗi, zuciyarsa kuwa tana can baya wurin wasu tambayoyi da bai furta ba. Shakka tana zuwa ne bi da bi, kuma in ka tsallake ta farko, duk abin da ka faɗa bayanta ba ya shiga kunne.

Ta farko ita ce: wane ne kai, kuma in abin ya lalace ina zan gan ka? Mai garka da yawa ya taɓa sayen kayan sola da suka mutu tun ba su shekara ba, mai sayarwa ya yi ɓatan dabo. Saboda haka bayan gaisuwa, kai za ka fara taɓo wannan miki. Ka ce: "Alhaji, na san an sha kawo muku kayan da ba su yi ƙarko ba. Shagona yana wuri kaza, kuma akwai garka a nan kusa da famfonmu ke aiki, ka tura yaro ya gani."

Sai ta biyu, wadda nake so ka fi daɗewa a kanta: zai ja ruwa a rijiyata? Wannan ba da baki ake amsa ta ba. Ka nemi a kai ka bakin rijiyar, ka zura igiya ka auna inda ruwa ya tsaya, ka kuma tambaye shi inda yake sauka a watan Maris, lokacin da zafi ya kama. Famfon da ake ajiyewa a sama ba ya tsotso ruwan da ya wuce zurfin mita 7 zuwa 8. In ya fi haka, sai wanda ake nutsawa cikin ruwa. Ka kafa ganga mai cin lita 200, ka miƙa masa tiyo ya riƙe da hannunsa, shi ya duba agogo har ta cika. Kuma ka faɗa masa gaskiya tun bai gano da kansa ba: ruwan ba zai fito da ƙarfin injinsa mai shan isansi ba, da sassafe ma kaɗan-kaɗan zai zo, sai rana ta ɗaga.

Yana ganin ruwa zai ɗaga kai ya dubi sama, don noman albasa da hunturu tare suke tafiya. Ka riga shi: ranar da hazo ya rufe ruwan zai ragu, ƙura kuma tana kwanciya a kan allunan sola, dole a riƙa goge su. Maganar gyara ta biyo nan take: garanti na wata nawa, rubuce a takarda, da wanda zai zo in an kira.

Yanzu ne kuɗi zai sami wurin zama, kuma da lissafinsa za ka yi, ba naka ba. Tambaye shi lita nawa injinsa ke sha a yini. Mu ƙaddara ya ce uku, lita kuma dala ɗari, wato sefa 500. Yini guda 1,500 ke nan. Kwana 100 na ban ruwa, jika 150. In famfonka jika 450 ne, noman rani uku zai mayar da kuɗinsa, ban da abin da baƙin mai da gyaran inji ke ci. Ka bar shi ya buga lissafin a wayarsa.

In ya sake tare ka da kuɗi tun farko, kada ka ɓoye, ɓoyewa tana ƙara zargi. Ka ce: "Daga jika kaza zuwa kaza ne, Alhaji, zurfin rijiyarka ne zai yanke. Mu je mu auna."

Idan kuma ana tsakiyar lissafi ya koma tambayar hazo, alama ce ba a gama da waccan ba. Ajiye lissafin ka koma can. In ya ce sai ya yi shawara, tambaye shi cikin ladabi da wa zai yi. Sau da yawa yaron da ke ban ruwan ne, ko ɗansa babba. Ka nemi rana, ka dawo da famfon da gangar, su ma su riƙe tiyon.